Tarin fuka a jikin saniyar da aka yanka: yaushe ake cire sashe, yaushe ake zubar da ita duka?

"Likita, barka da aiki. Ina koyon aikin duba nama a mayanka. Na ga saniya mai ƙaton ƙullutun tarin fuka a kaluluwar huhu, aka cire huhun aka buga wa naman hatimi. Washegari wata mai ƙiba, ba a ga komai ba sai 'yan ƙananan ɗige-ɗige, amma aka zubar da ita gaba ɗaya. Da me ake aunawa?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Wanda yake koya maka ya yi daidai a duka biyun, kuma girman ƙullutu ba ya cikin abin da ya duba. Tambaya ɗaya yake yi wa kansa a kan kowace dabba: cutar nan tana tsare a inda ta shiga, ko ta riga ta faɗa cikin jini? Idan tana tsare, ana cire wurin da abin da ke haɗe da shi. Idan ta shiga jini, babu wani yanki na naman da za ka ɗora hannu a kai ka ce ka tabbata ba ta kai nan ba, don haka dukkanta ake zubarwa. Ƙullutu babba mai tauri sau da yawa alama ce ta cewa jikin dabbar ya daɗe yana kokawa da cutar har ya killace ta. Ƙananan ɗige masu girma ɗaya, warwatse ko'ina, su ne sawun ƙwayoyin da jini ya watsa a lokaci guda.

Hanyar da cutar take bi

Ba za ka iya yanke wannan hukunci da haddar jerin dokoki kaɗai ba, sai ka riƙe hanyar da ƙwayar cutar take bi a jiki. A manyan shanu, yawanci ta numfashi take shiga. Ta sauka a huhu, ta yi ɗan gurbi, daga nan ruwan jiki ya kwashe ta zuwa kaluluwar da ke tace wannan sashe na huhun. Kaluluwa kamar shingen bincike take a kan hanya: kowane sashe na jiki yana da tasa, kuma duk abin da ya fito daga sashen sai ya bi ta cikinta. Shi ya sa gurbin da ke cikin huhu yakan yi ƙanƙanta har ido ya tsallake shi, amma kaluluwarsa ta tona asiri.

Daga huhu cutar tana iya yin gaba ba tare da ta taɓa babban zagayen jini ba. Saniya ta yi tari, majina ta hau maƙogwaro, ta haɗiye. Abin da ta haɗiye yana iya kama kaluluwar bayan maƙogwaro, yana iya sauka hanji ya kama kaluluwar da ke jere a kitsen hanji, daga hanji kuma jijiyar da ke kai jini hanta ta ɗauke shi zuwa hanta. Wannan duk yaɗuwa ce, amma ta cikin bututun numfashi da na abinci.

Wata hanyar ita ce mai haɗarin. Idan kaluluwa ta gaza riƙe ƙwayoyin, ko ƙullutu ya ci bangon jijiyar jini, sai su zuba cikin jinin da ke komawa zuciya. Zuciya ta tura su huhu biyun, su tsaya a ƙananan jijiyoyi ko'ina, su fito a matsayin ɗige-ɗige masu faɗin milimita 1 zuwa 2, launin toka-toka ko rawaya, duk sa'annin juna. Waɗanda suka tsallake huhu su koma zuciya, ta rarraba su ga jiki duka: saifa, ƙoda, ƙashi, gaɓoɓi, hantsa, mahaifa, tantanin ƙwaƙwalwa. Saifa da ƙoda ba su da wata ƙofa da iska ko abinci ke shiga. Idan ka ga tarin fuka a cikin namansu, jini ne ya kawo shi. Haka nan kaluluwar da ke tace tsoka da ƙashi, kamar ta gaban kafaɗa, ta gaban cinya, da wadda ke binne a bayan gwiwar ƙafar baya. Saniyarka ta biyu, ina kyautata zaton abin da aka gani ke nan, kuma ƙibarta ba ta wanke ta ba, domin yaɗuwar da ba ta daɗe ba takan zo kafin rama ta bayyana.

Ɗan maraƙi yana da nasa hukunci. Idan ka samu tarin fuka a hantarsa da kaluluwar ƙofar hanta alhali bai wuce 'yan makonni ba, to a ciki ya ɗauko ta daga uwa ta jijiyar cibiya, wato tun farko ta jini ta shigo. Ana zubar da shi duka, a kuma bi sawun uwar.

Yadda ake dubawa kafin a yi magana

Kafin wuƙa, ka tabbata kai da kayan ciki da gangar jikin duk na dabba ɗaya ne, da lamba ɗaya a kansu, kuma ba za a ɗauke ko ɗaya ba sai ka gama. Hukuncin tarin fuka haɗa hujjoji ne daga wurare daban-daban, kuma idan huhun wata ya gauraya da gangar wata, duk abin da za ka yanke zato ne. Kana bukatar haske sosai, abin da aka saba nema a wurin dubawa shi ne lakis 540 a ma'aunin ƙarfin haske, da wuƙa biyu, ɗaya a hannu ɗaya a cikin ruwan zafi mai digiri 82. Duk lokacin da ka yanka ƙullutu, wuƙar nan ta gama aiki sai an wanke ta an tsoma ta.

A kai za ka yanka kaluluwa uku a kowane gefe: ta bayan maƙogwaro, ta ƙarƙashin muƙamuƙi, da ta gindin kunne. A ƙirji, ta hagu da ta dama a inda maƙogwaro ya rabu biyu, sai jerin da ke tsakanin huhu biyu, musamman doguwar nan ta can baya. Mafi yawan tarin fuka da ake kamawa a shanu a waɗannan wurare biyu yake. Kada ka yi wa kaluluwa tsaga ɗaya ka wuce. Yanka ta siriri-siriri, kaurin milimita 2 zuwa 3, ka buɗe kowane yanki, saboda ƙullutun da bai kai kan ashana ba yana iya zama a gefe ɗaya. Huhun kansa kuwa hannu ya fi ido gani: matsa shi tsakanin yatsu daga gaba har baya, duk inda ka ji tauri ka yanka. Sannan hanta da kaluluwar ƙofarta, kaluluwar hanji, saifa, da ƙoda bayan an fitar da ita daga kitsenta an ɓare mata tantani.

Abin da kake nema launinsa rawaya ne ko ruwan toka, busasshe, mai marmashewa, ba ya wari, kuma a saniya yakan ƙanƙare ya zama kamar alli har ka ji wuƙa tana ƙaras-ƙaras a ciki. A nan ma akwai karatu. Ƙullutun da ya bushe ya yi tauri, da farin bango mai kauri kewaye da shi, tsoho ne da ya lafa. Wanda yake da laushi, babu bango, gefensa ja, kaluluwar ta kumbura ta jiƙe, ga wasu ƙanana suna tsirowa kewaye da shi, wannan yana kan ci. Amma kada ka ɗauka wanda ya ƙanƙare ya mutu. Ana samun ƙwayoyi masu rai a cikinsa, shi ya sa sashen da yake ciki ba ya tsira ko yaya ya tsufa.

Da zarar ka ga ɗaya, binciken yau da kullum ya ƙare, an shiga na zargi. Ka ja dabbar gefe, ka sa mata alamar tsarewa, ka yanka kaluluwar gangar jiki waɗanda ba a cika taɓawa ba: gaban kafaɗa, hammata, gaban cinya, bayan gwiwa, cikin ƙugu, gefen ƙoda, da ta saman hantsa ko ta matsematsi a namiji. A raba gangar biyu ka bi ƙashin baya da na ƙirji da ido. Ka shafa tantanin da ya lulluɓe cikin haƙarƙari da na ciki. Idan ka tarar an riga an ɗaye wannan tantanin, ko an ƙwaƙule kaluluwa kafin ka iso, kada ka buga hatimi. An ɓatar da hujja, kuma ba a ɗaye tantani mai lafiya.

Wadda ta fi wahala

Shanunka biyu suna bakin iyaka ne, ɗaya can ɗaya nan. Ga wata daga cikin aikina da ta faɗo tsakiya, irin wadda za ka fi yawan haɗuwa da ita.

Tsohuwar saniya ce, haƙora sun fara cinyewa, ba ta da ƙiba amma tana tafiya da kanta. A duban kafin yanka zafin jikinta 38.7, wato daidai, an dai rubuta cewa tana ɗan tari idan an kora ta. Kan saniyar lafiya lau. A ƙirji, doguwar kaluluwar baya ta kumbura, tsawon ta ya kusa santimita 15, cikinta rawaya mai ƙaras-ƙaras. A bayan huhun dama akwai gudaji uku, kowanne kamar santimita 2, masu bango. Huhun hagu na matsa shi duka ban ji komai ba. A hanji, kaluluwa biyu suna da ƙananan gudaji busassu. A ƙofar hanta, kaluluwa ɗaya tana da ƙullutu guda, shi ma ya ƙanƙare, naman hantar kuma babu komai sai kaurin bututun maɗaci na tsohuwar tsutsar hanta.

A wannan matakin labarin yana karantuwa ta hanyar haɗiya: huhu, majina, hanji, hanta. Babu hujjar shiga babban zagayen jini tukuna. Mai dabbar yana tsaye yana cewa a cire kayan ciki a ba shi namansa, kuma zancensa ba shirme ba ne. Na ci gaba. Saifa babu komai. Ƙodar dama babu komai. Da na ɓare ta hagu, sai ga ɗige huɗu farare-rawaya a fatarta, kowanne bai fi milimita 2 ba, kuma da na tsaga sun nutsa cikin naman ƙodar, ba a sama kawai suke ba. Kaluluwar gefen ƙodar ta kumbura. Na je kaluluwar gaban kafaɗar hagu, a yanka na biyar na samu ɗan rawaya mai laushi da jan baki. Na koma huhun hagu da na ce lafiya yake, na yanka shi a ƙarƙashin fitila, sai ga ɗige-ɗige toka-toka da yatsa bai ji ba saboda ƙanƙantarsu da laushinsu.

Yanzu karatun ya canja. Tsohuwar cuta ce da ta daɗe a killace, sannan kwanan nan ta ɓalle ta shiga jini. An zubar da saniyar duka, da kai da kayan ciki da jinin. Abin lura, hukuncin ya rataya ne a kan abubuwa uku mafi ƙanƙanta a jikinta, kuma biyu daga cikinsu suna wuraren da dubawar yau da kullum ba ta yankawa.

Da ƙoda da kafaɗa da huhun hagu sun fito tsaf fa? A nan dokokin ƙasashe suke rabuwa, kuma dole ka san wadda kake aiki a ƙarƙashinta. Tsohon tsarin da littattafan koyarwa da yawa suka ginu a kansa zai ce a zubar da huhu da hanji da hanta, a saki gangar. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta fi tsanani: idan a kaluluwar sashe ɗaya kaɗai aka gani, sashen ake cirewa, amma idan ya bayyana a sassa da dama, dabbar duka ta tafi. A Amurka saniyar da aka ga tarin fuka a jikinta ba ta fita kasuwa ɗanya, ko da a wuri ɗaya ne. Iyakar rangwamen da za ta samu shi ne a dafa ta ƙarƙashin kulawar hukuma har cikin naman ya kai kusan digiri 77 na minti 30. Ra'ayina, idan cutar ta kama ƙirji da ciki a tare kuma babu wurin dafawa da ake sa wa ido, zubarwa ta fi. Cuta mai gurbi uku ta sami damar ɓallewa sau uku, kuma yaɗuwar da ba ta wuce 'yan kwanaki ba ba ta barin abin da ido zai gani.

Rama da zazzaɓi

Abu biyu suna mayar da ƙaramin tarin fuka hukuncin zubarwa duka ko da ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙoda ba. Na farko zazzaɓi a duban kafin yanka, shi ya sa takardar wancan duba dole ta biyo dabbar har wurinka. Naman mai zazzaɓi yakan yi duhu, jini bai tsiyaye sosai ba, ƙananan jijiyoyin ƙarƙashin fata da na tsakanin haƙarƙari cike suke, hanta da ƙoda sun kumbura sun dusashe.

Na biyu rama ta cuta, kuma a nan sababbin ma'aikata suke yawan cutar da masu dabbobi ko masu ci. Dabbar da ta rame don tsufa ko ƙarancin abinci kitsenta kaɗan ne amma kitse ne, yana da tauri, naman yana bushewa ya kama jikinsa. Wadda cuta ta cinye, kitsenta ya narke ya zama wani ruwa-ruwa mai yauƙi. Ka duba shi a kwarin da ya zagaye zuciya, a kewayen ƙoda, da tsakanin ƙasusuwan baya. Ɓargon dogon ƙashi ma yakan zama ruwa, ya kasa tsayawa idan an sare ƙashin. Idan kana shakka, ka rataye gangar a ɗakin sanyi awa 12 zuwa 24 ka dawo. Mai ramar yunwa za ta bushe ta sandare. Mai ramar cuta za ta kwana a jiƙe, lagwai-lagwai, cikin haƙarƙarinta yana naso.

Idan hukuncin na sashe ne

Ƙa'idar ita ce kaluluwa ba ta tafiya ita kaɗai, tana tafiya da abin da take tacewa. Ta huhu ta kamu, huhu biyun sun tafi ko da ba ka ga komai a cikinsu ba. Ta bayan maƙogwaro ta kamu, kai da harshe sun tafi. Ta hanji ta kamu, hanjin da kitsensa sun tafi. Kuskuren da nake yawan gyara wa masu koyo shi ne ƙwaƙule kaluluwar kawai a bar sashen, alhali ita shaida ce kawai, tushen yana cikin abin da aka bari. Haka kuma duk inda abin cikin ƙullutu ya zuba a kan nama lokacin fiɗa, yanke wurin ake yi da faɗi. Wanki da ruwa baza shi yake yi, kuma ruwa mai ƙarfi yana tada ƙwayoyin sama zuwa hancin ma'aikata. Wannan cuta tana kama mutum, kuma mai duba nama da mahauci suna gaba-gaba, ta numfashi da ta yankan hannu. Sa safar hannu da takunkumi idan ka buɗe irin wannan dabba.

Abin da ido ba zai iya ba

Ba kowane rawaya a kaluluwa ne tarin fuka ba. Maruru na yau da kullum yana da ɗiwa mai ruwa, sau da yawa da wari. Cutar da ke sandarar da harshe tana sa ɗiwa mai kauri, rawaya mai ratsin kore, a kaluluwar kai, kuma ba ta cika ƙanƙarewa ba. Tsutsotsin da suka mutu a kaluluwar hanji ko bangonsa sukan bar gudaji kore-kore masu fita sumul idan an matsa, shi kuwa tarin fuka a manne yake da naman kaluluwar. Ƙananan farare a ƙoda ma suna da wasu dalilai, musamman a maruƙa, shi ya sa a saniyar can ban tsaya a ƙodar ba sai da na haɗa ta da kafaɗa da huhu. Duk da haka akwai waɗanda ko tsohon hannu ba zai rarrabe ba. A mayanka ana ɗaukar duk abin da ya yi kama da tarin fuka a matsayin shi, a yanke hukuncin nama a kan haka, domin ba za a rataye ganga ana jiran ɗakin gwaji ba. Rinin Ziehl da Neelsen, wanda ake sa wa samfuri don a ga ƙwayar a madubin likita, yana iya ba da amsa da wuri amma yakan tsallake idan ƙwayoyin kaɗan ne, rainon ƙwayar kuma yana ɗaukar mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye.

Samfurin dai a ɗauka, domin garken da dabbar ta fito yana nan da sauran shanu da masu shan nononsu. Raba ƙullutun biyu tare da ɗan naman da ke gefensa. Rabi a cikin ruwan adana samfuri na fomalin mai kashi 10 cikin 100, rabi ɗanye a kwalba mai tsabta cikin sanyi, kada a haɗa su, don fomalin yana kashe ƙwayar da ake son rainonta. Rubuta lambar dabbar, inda ta fito, kowace kaluluwa da ka yanka da abin da ka gani a ciki har da waɗanda suka fito lafiya, sannan ka sanar da hukumar lafiyar dabbobi.

Naman da aka hana kuma ka tsaya a kansa. A tsattsaga shi, a zuba masa rini ko maganin da zai ɓata shi, a kulle, a ƙona ko a narkar a injin da ke kai digiri 133 na minti 20 cikin matsi, ko a binne da zurfi inda babu waɗannan. Idan ka sa hannu a takarda ka juya baya kafin a ɓata shi, akwai yiwuwar ya fita ta wata ƙofa, don haka a rubuta nauyinsa a rajista, wanda ya karɓa ya sa hannu a gabanka.